In ƴan sanda suka tsayar da yaro da dare a Yamai, me zai fara yi, me zai ce?

Sani Bukoki: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena zai zo daga Tawa ya kama aiki a wani shagon kayan moto a Katako. Shekararsa 19, bai taɓa zaman Yamai ba, Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba, Zabarmanci kuwa ko ɗigo. Zai riƙa komawa Lazare da dare bisa moton kawunmu, kuma takardun moton duk da sunan kawu suke. Ina so in ba shi magana tsayayya tun kafin ya iso: in aka hura masa usur ko aka haska masa tocila aka ce ya tsaya, me zai yi, me zai ce, me kuma ba zai ce ba? Baba Manzo da Metir Hadiza, ku nake jira.

Ila Kabu-kabu: Wa alaikumus salam. Maganar ba ta da tsawo. Ya ajiye jika ɗaya a aljihun gaba, ya gaida shef, ya miƙa, ya wuce.

Baba Manzo: Ila, bari mu ajiye jikarka tukuna, za mu dawo kanta. Sani ɗana, fara da abin da ke faruwa kafin a buɗe baki, don a nan ake yawan ɓata lamari. Wanda ya tsayar da kai da dare bai san ka ba. Hannuwanka yake kallo, ba fuskarka ba. To yaron ya rage gudu nan take, ya kunna sigina, ya gangara gefen dama, ya tsaya inda aka nuna masa. Kada ya wuce su da nisa ya tsaya can gaba cikin duhu, domin daga baya kamar mai shirin gudu yake. Ya kashe moto gaba ɗaya. Moto mai ruri da mutum a kai ana ɗaukarsa a shirye yake ya fizga, shi ya sa kake ganin suna saurin zare makulli. In ya kashe da kansa, ya ɗauke musu wannan dalili.

Sai ya cire kaske ko ya ɗaga gilashinsa, in akwai rawani ko takunkumi a fuska ya sauke. Hannu biyu su zauna bisa kan moto inda ake ganinsu. Kada ya sauka sai an ce ya sauka, kuma kada ya cusa hannu a aljihu ko ƙarƙashin riga yana neman takarda tun ba a tambaye shi ba. Yara da yawa suna yin haka don nuna ladabi, alhali shi ne motsin da ya fi tayar wa mai kaki hankali. In an nemi takardu, ya faɗa da baki tukuna: "Shef, suna aljihun baya, zan ɗauko," ko "suna ƙarƙashin kujera, sai na sauka." Sannan ya ɗauko a hankali.

Gaisuwa kuma ɗaya ta isa: sallama, "sannunku da aiki, shef." Ya yi shiru ya jira tambaya. Ba a farawa da "me na yi?"

Rabi Harobanda: Baba, to in da Zabarmanci ko Faransanci aka yi masa magana fa? Yaro zai iya daburcewa ya yi ta gyaɗa kai.

Baba Manzo: Gyaɗa kan nan shi ne haɗarin, ƴata. Ana iya tambayarsa "ka yarda ka ƙetare jar wuta?" ya ce i don bai gane ba. Ya ce kawai, "Shef, Hausa nake ji." A sintirin Yamai da wuya a rasa mai Hausa a cikinsu. Abin da bai gane ba kada ya amsa shi da i ko a'a, ya ce a maimaita.

Abdu Rasta: Ni dai abin da na sani, kana da haƙƙin ka yi shiru. Ka ce ba ka magana sai lauyanka ya zo, shi ke nan. Kuma dole su karanta maka haƙƙinka kafin su taɓa ka, in ba su yi ba kamun ya rushe.

Metir Hadiza: Malam Abdu, wannan karatun haƙƙi a bakin hanya na finafinan Amerika ne, ba tsarin shari'armu ba. Amma rabin maganarka tana da tushe, sai dai a san inda za a ajiye ta. Tambayoyi iri biyu ne. Akwai na sanin ko kai wane ne: sunanka, sunan mahaifi, inda kake zaune, aikinka, takardunka. Waɗannan a amsa su daidai, yadda suke rubuce a kati. Wanda ya ƙi faɗin sunansa ya ba da dalilin a tafi da shi komisariya a bincika, wanda kuma ya ba da sunan ƙarya ya ɗora wa kansa laifin da bai zo da shi ba. Akwai kuma tambayoyin zargi: "wa ya ba ka wannan?", "kana ina shekaranjiya da aka sace moto a unguwa kaza?" A nan ne gajarta magana take da amfani. Ba wanda doka ta tilasta wa ya ɗora wa kansa laifi. Ya ce, "Ban san wannan ba," in bai sani ba, ko "Zan yi bayani a komisariya, ina so a sanar da yayana." Kada ya yi kintace, kada ya ƙirƙiro labari don ya tsira, domin labarin bakin hanya shi za a auna da wanda zai bayar gobe a ofis, in suka saɓa ya zama maƙaryaci ko da ba shi da laifi.

Sani Bukoki: Metir, ga inda nake jin tsoro. Kart giriz da sunan kawu. Ba za a ce moton sata ba ne?

Metir Hadiza: Hawa moton aro ba laifi ba ne. Abin da ke jawo zargi shi ne mai aro ya kasa faɗin na wane ne. Bari mu bi shi daki-daki. A ce ƙarfe 11 na dare, ya fito daga Katako, an tsayar da shi wajen Bukoki. An ce takardu. Ya miƙa katin ɗan ƙasa, parmi, kart giriz da asirans. Jami'i ya haska, ya ga sunaye biyu daban. Ya fi kyau yaron ya riga shi faɗa tun yana miƙawa: "Moton na kawuna ne, wane ɗan wane, yana zaune Lazare, ga lambarsa in kuna so a kira." Sunan da ya faɗa da baki ya yi daidai da na takarda harafi da harafi. In a gida Alhaji Ɗan Tawa ake ce wa kawu, a kart giriz kuma Mahamadu aka rubuta, to Mahamadu zai haddace, har da lambar da ke bayan moton.

Daga nan jami'i zai iya durƙusawa ya duba lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfen moton, galibi wajen wuya, ya gwada da ta takarda. Ku duba wannan da kanku da rana, kafin yaron ya fara hawa. Moton da aka saya hannu na biyu ba a canja suna ba, sai ka ga kart giriz ɗin ma ba da sunan kawu yake ba, da sunan wanda ya sayar masa ne, ko na wanda ya sayar wa wancan. In haka ne, takardar ciniki ta zauna tare da sauran, kuma a gaggauta canja suna. Wannan yanayin shi ya fi kwanar da yara a komisariya, domin ba wanda zai iya warware shi da tsakar dare.

Ƙaramar dabara: kawu ya rubuta ƴar takarda cewa ya ba wane moto mai lamba kaza ya riƙa hawa, ya sa hannu da lambar salularsa, a haɗa da kwafin katinsa. Ba takardar hukuma ba ce, ba ta tilasta wa kowa komai, amma tana gajarta tambaya. Kuma kawu ya bar salularsa a kunne har yaron ya shigo gida.

Ila Kabu-kabu: Duk wannan dogon lissafi, Metir, jika ɗaya tana gama shi cikin minti ɗaya. Mu da muke kan titi mun sani.

Baba Manzo: To mun dawo kan jikarka, Ila. Ka lura da abin da kake koya wa yaro ɗan shekara 19. Na farko, a doka mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne. In ya faɗa hannun wanda ba ya karɓa, ko akwai babba tsaye a gefe yana kallo, ƙaramar maganar kaske ta koma yunƙurin ba da cin hanci. Na biyu, wanda takardunsa suka cika ya miƙa kuɗi ba a tambaye shi ba, tambayar da ke zuwa a kan jami'i ita ce, me yake ɓoyewa? Sai a ce buɗe kujera, juye aljihu. Kai da kanka ka jawo bincike.

In da gaske akwai laifi, a ce ba kaske ko asirans ya mutu, maganar da zai yi ita ce, "Shef, na ji, a rubuta mini takarda." Tara ta hukuma tana zuwa da resi mai lamba da hatimi, an rubuta laifin da adadin kuɗin. Kuɗin da ba resi ba tara ba ne, ko da an kira shi haka.

Ila Kabu-kabu: Baba, da girmanka, in ka ce a rubuta, moto ya tafi furiyer. Gobe ba aiki, jibi ba aiki, ga kuɗin tara ga na ajiya. Mai iyali da ke kai wa mai moto kuɗi kullum ba zai iya ba. Gaskiyar takarda daban, ta titi daban.

Baba Manzo: Ban ƙaryata ka ba a kan asarar yini. Abin da na ce, wanda ya cika takardu ba ya buƙatar jikar, kuma Sani tambaya yake yadda zai shirya yaro tun kafin ya zo. Kuɗin asirans na shekara ka auna shi da jikar da kake fitarwa duk mako.

Metir Hadiza: In kuwa an riƙe moto ko takarda, kada ya tafi hannu wofi. Ya tambaya abu uku cikin ladabi: wace komisariya ko wane furiyer za a kai, yaushe zai zo, kuma a ba shi takardar da ke nuna an karɓa. Ya duba an rubuta lambar moton daidai. Ya cire kayansa daga ƙarƙashin kujera kafin a ɗora moton a mota. Ya riƙe a ka: wuri, lokaci, lambar motar sintiri, kalar kaki. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin polis daban, jandarma daban, gardi daban, ƴan sandan meri daban, kowa da inda yake kai mutum. Iyali sukan kwana suna zagaya komisariyoyi alhali yaro yana birgad ɗin jandarma.

Hajiya Zali: Ni tawa tambayar, in sun zo gida da dare suna buga ƙofa, dole a buɗe?

Rabi Harobanda: Hajiya, wannan wani babi ne, hukuncin gida daban da na titi. A buɗe masa zaurensa daban don kada maganar Sani ta watse.

Musa Ƙonni: In sa baki kaɗan. Yaro daga Adar, ku tambaye shi mi ad da shi a aljihu. Can wuƙa a ƙugu ba komi ba ce, wajen aiki da yankan nama. A Yamai ƙarfe 11 na dare wata magana ce. Ya bar ta gida. Haka sukudireba da filaya na shago, tunda kayan moto yake aiki: da su ake buɗe moton mutane, kar a gan su a jikinshi da dare. Sai magani. Kar ya ɗauki ƙwaya tsirara cikin leda ko takarda. In likita ya rubuta mishi, ta zauna cikin kwalinta tare da takardar likita, don tun da tramol ya yi yawa ba a wasa da wannan. Kuma kar ya amshi saƙon kowa a ɗaure ya kai wani wuri bai ga cikinshi ba.

Baba Manzo: Madalla, Musa. In kuma an riga an tsayar da shi da irin wannan a jiki, ya faɗa kafin a laluba: "Shef, akwai wuƙar aiki a aljihun dama." Kada ya zaro ta ya nuna. Ya bari su ɗauka da hannunsu. Lokacin lalube ya tsaya cak, kada ya ture hannu, kada ya fizge. In ana duba jaka ko ƙarƙashin kujera, ya ce a yi a gabansa cikin haske, idonsa a kan hannun mai dubawa, abu ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin da ke jikinsa ya faɗi adadinsu da ƙarfi kowa ya ji. Mace kuwa ta nemi mace ta laluba ta, in babu a wurin ta ce a kai ta inda akwai.

Abdu Rasta: Salula fa? In aka ce buɗe mu gani? Ni a ganina ba su da wannan ikon. Kuma in ka ga za a yi maka ba daidai ba, ka kunna bidiyo kawai.

Metir Hadiza: Duba katin mutum ba ya ba da izinin karanta saƙonninsa. Shiga cikin salula aikin bincike ne, wanda jami'in da ke da ikon binciken shari'a yake yi a kan wani zargi, a rubuta shi. Mutum zai iya cewa, "Shef, akwai sirrin iyali a ciki, in akwai zargi a kaina mu je komisariya a rubuta." In an karɓe ta duk da haka, ba a kokawa a kanta, sai a nemi a rubuta an karɓa.

Baba Manzo: A nan ni da Metir mun ɗan rabu. A takarda haka ne. Amma yaro baƙo, shi kaɗai, tsakar dare, a lokacin da kowa ke maganar tsaro, in ya ce ba zai buɗe ba ya sayi kwana a benci. Galibi abin da ake so a gani shi ne ko salular tasa ce, wato ya iya buɗe ta. Ni zan ce ya buɗe tana hannunsa, ya nuna, ya mayar aljihu.

Metir Hadiza: Baba, buɗewa don a ga tasa ce, na yarda. Miƙa ta a yi ta yawo cikin hotuna da saƙonni, ban yarda ba. Abin da wani ya turo cikin wani zaure, wanda yaron bai ma buɗe ba, sai ya zama abin da zai yi bayani a kai. Kowa ya auna da halin da yake ciki. Batun bidiyo kuwa, Malam Abdu, ɗaga salula a fuskar jami'i yana hura wuta, kuma zaro ta ma motsin hannu ne. Yaɗawa ta fi ɗauka haɗari: dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka gyara a watan Yunin 2024, ta dawo da ɗauri a kan ɓata suna, zagi da yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a. Wanda aka zalunta ya riƙe wuri, lokaci da shaidu, in an taɓa jikinsa ya je likita a ba shi takarda tun tabon bai ɓace ba, ya kai ƙara wurin mai gabatar da ƙara na kotu. Zagi ko ture jami'i kuwa laifi ne mai zaman kansa, ko da tsayarwar tun farko ba ta kan ƙa'ida.

Rabi Harobanda: In ba kaki fa? Mutum biyu bisa moto su ce su polis ne?

Baba Manzo: Ɓarayin moto ma sun iya wannan kalma. Kada ya tsaya a duhu. Ya rage gudu, ya nuna da hannu cewa zai tsaya, ya kai wurin mai shayi, gidan mai ko wata fada mai mutane. Can ya ce, "Shef, a nuna mini katin aiki." Na gaskiya yana ɗauke da shi. In sun ƙi, ya ce shi zai bi su komisariya mafi kusa amma ba zai hau abin hawansu ba, ya roƙi mutanen wurin su kira 17.

Sani Bukoki: Saura ɗaya. Katinsa na ɗan ƙasa, in ya manta shi a gida aka yi rafal aka kwashe su?

Metir Hadiza: Ya hau motar ba gardama, bakin titi ba kotu ba ne. Kafin a karɓi salula ya roƙi kira ɗaya, ya faɗa maka inda za a kai shi, kai kuma ka taho da katin. Ya haddace lambarka da ka, don salula tana iya mutuwa ko ta shiga aljihun tebur. In katin ɓacewa ya yi, takardar shaidar ɓacewa ta komisariya ita zai riƙa yawo da ita. Da isarsu ya yi tambaya ɗaya: "Tantance ni ake yi, ko tsare ni aka yi?" Tantancewa tana ƙarewa da an tabbatar da ko shi wane ne. Tsarewar bincike, wadda ake ce wa gardabu, tana da agogo: a laifuka na yau da kullum awa 48 ne, mai gabatar da ƙara yana iya ƙara wasu 48. Zargin ta'addanci wa'adinsa ya fi haka nesa. Saboda agogon nan, ku riƙe ƙarfe nawa aka kama shi. Lauya kuma, ƙa'idar UEMOA ta 2014 ta ce yana iya tsaya wa mutum tun daga kamu, don haka a nema tun da wuri. Marar hali ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a, a kotu.

Abin da na fi so ka nanata masa shi ne sa hannu. Bayanin da zai yi za a rubuta shi a pebe, wato takardar bayani ta komisariya, da Faransanci. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai an karanta masa an fassara. In abin da aka rubuta ba shi ya faɗa ba, ya ce a gyara, in an ƙi yana iya ƙin sa hannu, sai a rubuta cewa ya ƙi.

Abdu Rasta: Ai tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, dole yanzu a rubuta da Hausa.

Metir Hadiza: Ta zama, amma Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki, kuma da shi ake cika takardun. Fassara zai nema, ba rubutun Hausa ba.

Musa Ƙonni: Sani, ka tambayi yaron ko yana da parmi ma tukuna. Can gida da yawa sun iya moto tun suna ƙanana, ba su taɓa riƙe takarda ba.

Sani Bukoki: Kai, Musa, wallahi ban tambaya ba. Bari in kira shi yanzu. Gobe da safe kuma zan je Lazare mu kwantar da moton ni da kawu mu duba lambar shasin nan.